Roba mai araha da bokitan da suka ƙara nauyi: wata bakwai cikin rahoton wata ƙaramar masana'anta

Yadda wurin yake kafin a fara rigima

Masana'antar ƙarama ce, injin ɗaya gare su mai narka roba ya tura ta cikin mol, wato ƙarfen da ke ba ta siffar bokiti, kuma abin da suke bugawa bokiti ne iri ɗaya tal. Ana aiki kashi biyu, na rana da na dare, a wata suna fitar da bokiti wajen 20,000. Ni ba ma'aikacinsu ba ne na kullum, ƙarshen wata nake zuwa in haɗa musu rahoton kuɗin aiki, in zauna da maigidan da mai sayayya da manajan aiki mu duba shi tare. Duk alƙaluman kuɗin da za ku gani a nan na bar su haka nan ba tare da sunan kuɗi ba, don lissafin ɗaya ne ko da wane kuɗi aka yi shi.

Kayan aikinsu ƙwayar roba ce, wadda ake rubuta PP a jikin buhunta, kowane buhu kilo 25. Tun farkon shekara an zauna an yanke ƙa'ida: bokiti ɗaya mai kyau nauyinsa giram 475, aka ƙara giram 25 saboda asarar da ba makawa sai an yi, irin robar da ake zubarwa in za a wanke bakin injin da ƴan bokitan farko da ba sa cika, ya zama giram 500 ke nan, rabin kilo. Farashin ƙa'ida kuma 200 kowane kilo. Wato a takarda robar bokiti ɗaya 100 ce.

Rahoton yana da layi biyu a kan roba, kuma ga yadda suke a kwamfutarsu:

```
MPV = (SP - AP) x AQ
MUV = (SQ - AQ) x SP
```

Na saman shi ne bambancin farashi. Ka ɗauki farashin ƙa'ida ka cire farashin da aka biya da gaske, abin da ya rage ka ninka shi da yawan kilo. Na ƙasan shi ne bambancin amfani, ka lissafa kilo nawa ya kamata a ci don fitar da bokitan da aka fitar da gaske, ka cire kilon da aka ci, sai ka ninka da farashin ƙa'ida. In sakamakon ya zo da sauƙi ana sa masa harafin F, in ya zo da asara a sa A. Akwai wani abu da ba wanda ya damu da shi a lokacin amma daga baya ya zama shi ne rabin labarin: wannan AQ ɗin da ke cikin layukan biyu, wato yawan kilo na gaske, ba abu ɗaya ba ne. A layin farashi, su kilon da aka sayo a watan suke sawa, a layin amfani kuma kilon da injin ya ci. Hanya ce sananniya kuma ba laifi ba ce, amfaninta shi ne kayan da ke sito suna zaune a littafi a kan farashin ƙa'ida kuma ana ganin aikin mai sayayya tun watan da ya sayi kaya.

Janairu da Fabrairu: farashi ya fara motsi

Janairu ba wani abu. An fitar da bokiti 20,000, ya kamata a ci kilo 10,000 aka ci 10,150, rarar kilo 150 sau 200 ya ba da 30,000 A. An sayo kilo 10,000 a kan 204, shi ma 40,000 A. Ba wanda ya ɗaga murya.

A Fabrairu dilansu na kullum ya kai kilo 210. Aka sayo 10,000, bambancin farashi ya tashi 100,000 A, shi kuwa amfani ya ma sauka zuwa 20,000 A don kilo 10,100 aka ci a kan bokiti 20,000 ɗin. Maigidan ya sa yatsa a kan wannan 100,000 ya kalli mai sayayya ya ce, "Malam, wannan layin naka ne, bana son in sake ganin A a jikinsa." Mai sayayya ya ce, "Ranka ya daɗe kasuwar ce gaba ɗaya ta tashi ba dilanmu kaɗai ba." Maigidan ya ce to ya je ya nemo inda ba ta tashi ba.

Maris: watan da aka yi murna

Ya kuwa nemo. Wani sabon dila ya ba shi kilo a kan 184, da sharaɗin sai ya ɗauki tan 30 a lokaci ɗaya, wato kilo 30,000, kayan wata uku ke nan. Buhun an rubuta PP, ƙwayar fara ce kamar waccan, in ka damƙa a hannu sai dai ka ce ta ɗan fi dusashewa. Aka sauke kaya a satin farko na Maris. A lokacin akwai sauran tsohuwar roba kilo 5,000 a sito, ita aka ci gaba da bugawa har wajen tsakiyar wata sannan aka shiga sabuwa.

Da na haɗa rahoton ƙarshen wata, bambancin farashi ya fito 16 sau 30,000, wato 480,000 F. Tun da aka fara wannan rahoto ba a taɓa ganin F mai girman wannan ba. A ƙarƙashinsa bambancin amfani ya zo 160,000 A, don an ci kilo 10,800 a kan bokiti 20,000, rarar kilo 800. Amma rahoton yana da layi na uku da ke haɗa su biyun, kuma a gaskiya shi maigidan ya fi kallo, ya nuna 320,000 F. A zaman ranar an yaba wa mai sayayya har aka yi masa alkawarin ihsani. Manajan aiki ya ce sabuwar robar tana ba su ɗan wahala, ofaretoci suna ta taɓa zafin injin, aka ce masa ai sabon kaya ne sai an saba. Ni ma na ga 160,000 ɗin, na rubuta a gefe cewa a sa masa ido, ban wuce haka ba.

Afrilu: F ta ɓace, A ta rage ita kaɗai

A Afrilu ba a sayi ko buhu ɗaya ba tunda sito cike yake, saboda haka bambancin farashi sifili. Bokiti 19,000 aka fitar, abin da ya kamata a ci kilo 9,500, amma takardun sito sun nuna an fitar da kilo 11,170. Rara 1,670, sau 200, 334,000 A. Babu wata F da za ta rufe ta wannan karon, sai lambar ta tsaya tsirara a tsakiyar shafi da sunan sashen aiki a gefenta.

Abin da ya fara zuwa ran maigidan shi ne sata, kuma ba a ga laifinsa ba don kilo 1,670 buhu sittin da wani abu ne. Aka canza kwaɗon sito, aka ce daga ranar ba buhun da zai fita sai mutum biyu sun sa hannu, sannan muka kwashe yini guda ni da mai sito muna ƙirga buhu ɗaya bayan ɗaya. Ƙirgan ya yi daidai da littafi, ba abin da ya ɓace daga sito. Abin da muka samu ɗan ƙarami ne: buhu shida a jingine bayan injin, an fitar da su daren ƙarshen wata ba a farka su ba, amma littafi ya lissafa su kamar an riga an ci. Kilo 150 ke nan. Na gyara, amfani ya koma 11,020, bambancin ya sauka zuwa 304,000 A. Wannan kuskuren ana yawan yinsa, a ɗauki abin da sito ya bayar a matsayin abin da injin ya ci, kuma shi ya kamata mutum ya fara dubawa kafin ya zargi kowa, sai dai a nan 30,000 kawai ya bayyana mana, sauran na nan daram.

Da maganar sata ta faɗi sai aka koma kan ma'aikata. Wani ya ce ƴan aikin dare suna barci su bar injin yana fitar da shara. Manajan aiki ya sake cewa robar ce, ya ma shigo da bokitai biyu ofis, ɗaya bakinsa bai cika ba ɗayan kuma jikinsa duk zane-zanen fari kamar an ja masa farce. Mai sayayya ya ce wannan saitin injin ne, ai ko da tsohuwar robar ana samun irinsu, kuma maganarsa ba ƙarya ba ce ana samu. Aka tashi a kan cewa alawus ɗin wata na ofaretoci an ɗaure shi da bambancin amfani, in bai sauka ba babu alawus.

Mayu: lambar ta sauka, amma

Ta sauka. Bokiti 19,500, kilo 10,920 maimakon 9,750, rara 1,170, wato 234,000 A. Daga giram 580 kowane bokiti an dawo 560. Maigidan ya ce kun gani ko, da ma sakaci ne.

A wannan zaman ne kuma aka kawo shawarar a ɗaga ƙa'idar nauyi daga giram 500 zuwa 560 tunda abin da ake samu ke nan, rahoto ya daina ja. Na ce a dakata. In aka yi haka layin zai koma sifili ranar da aka canza lambar alhali ko giram ɗaya na roba bai dawo ba, kuma har zuwa lokacin ba mu san inda giram sittin ɗin ke tafiya ba. Aka bar maganar.

Kwana huɗu da shiga Yuni wani babban kwastoma ya dawo da bokiti 600. Wasu kunnen da ake maƙala mariƙi ya tsage, wasu gindinsu ya fashe da aka jera su a mota. Da aka tambayi ofaretoci ba su ɓoye ba, sun ce bokitin da a da za su jefa gefe in suna shakkarsa yanzu cikin masu kyau suke sa shi, kuma sun ƙara yawan lalatattun bokitan da suke niƙawa su mayar cikin injin fiye da yadda aka saba, duk don lambar ta sauka. In ka cire 600 ɗin daga 19,500 saura 18,900, ka raba kilo 10,920 da su za ka samu giram 578. Wato a Mayu kusan ba abin da ya canza, abin da ake kira mai kyau ne kawai aka faɗaɗa. Shi bambancin amfani ya dogara ne kacokan a kan yawan kayan da aka ce an fitar masu kyau, duk wanda ke da ikon ƙirga wannan to yana da hannu a kan lambar.

Satin farko na Yuni: gwajin kilo 500

Saura kilo 2,260 na sabuwar roba a sito, kuma mai sayayya ya riga ya rubuta takardar odar wasu tan 30 yana jiran sa hannu. Manajan aiki ya roƙi maigidan ya ba shi kwana uku kafin a sa hannu. Aka sayo tsohuwar roba a kan 210, aka ware kilo 500 daga cikinta da kilo 500 na sabuwa, injin ɗaya, mol ɗaya, ofaretoci biyun nan dai su ne, kuma aka ce musu wannan gwajin bai shafi alawus ɗin kowa ba, duk bokitin da ba za su iya sayarwa ɗan uwansu ba su jefa shi gefe. Aka ajiye sikeli kusa da injin da buhunan zuba shara.

Tsohuwar ta ba da bokiti 990 masu kyau cikin awa 17, giram 505 ke nan kowane ɗaya, dab da ƙa'ida. Sabuwar ta ba da 865 cikin awa 16, giram 578.

Abin da ya tsayar da kowa shi ne sikelin. Tun Maris ba wanda ya ɗora bokiti mai kyau a kai, don me, ai mol ɗin bai canza ba. Da manajan ya ɗora guda goma na tsohuwar roba suka tashi kilo 4.75 kamar yadda aka sani, ya ɗora goma na sabuwa sai ga 5.10. Ya sauke ya hure sikelin ya sake ɗorawa, haka dai. Girma ɗaya, kauri ɗaya, amma kowane bokiti ya ƙara giram 35. Aka aika da samfurin ƙwayar wajen masu gwaji suka ƙona ta suka auna tokar da ta rage, sakamakon ya nuna kusan kashi goma cikin ɗari na nauyinta garin alli ne, irin wanda ake cuɗawa cikin roba don rage tsada. Ba haramun ba ne a wannan sana'a, akwai kayan da ma da gangan ake sa musu shi, matsalar dai ba a gaya wa mai sayayya ba shi kuma bai tambaya ba.

Dalilin ƙarin nauyin mai sauƙin fahimta ne. Tsantsar PP ba ta da nauyi, cikin sararin da ruwa zai auna giram 100 ita wajen giram 90 take aunawa shi ya sa take yawo a saman ruwa, shi kuwa garin alli ya ninka ta nauyi kusan sau uku. Mol bai san kilo ba, sarari ne da sai an cika shi, ko da me ka cika shi. Su kuma da kilo suke sayen roba. To in kashi goma na kilon alli ne da ba ya cin wuri sosai, dole kilo ɗaya ya cika sarari ƙasa da na da, sai an ƙara kusan kashi bakwai cikin ɗari kafin bokiti ɗaya ya fito. Wannan giram 35 ɗin ba ofaretan da zai iya hana shi ko da bai runtsa ba duk dare.

Sauran kuma shara ce. A kilo 500 na tsohuwa, kusan 470 sun shiga bokitai masu kyau, 30 suka tafi shara. A na sabuwa 441 ne suka shiga, 59 suka tafi. Ƙwayar ba ta narkewa iri ɗaya daga buhu zuwa buhu, sai ofareta ya daidaita zafi da ƙarfin turawa, buhu na gaba ya zo daban bokiti ya ƙi cika ko ya yi tumbatsa a gefe, ga zanen farin nan da danshi ke kawowa tunda kayan sun yi wata uku a sito, ga baƙaƙen ɗigo da ke sa a tsayar da injin a wanke bakinsa. Wasu ana niƙawa a mayar, amma dunƙulen da aka zubar wajen wanki da masu ɗigon baƙi ba sa komawa. Don haka ƙarin giram 73 da ke tsakanin robobin biyu ya rabu gida biyu, 35 nauyi, 38 shara.

Lissafin da aka sake yi

Daren ranar na koma kan rahotannin wata ukun na jera su a shafi ɗaya. F ɗin farashi guda ɗaya ce, 480,000, duk ta faɗo cikin Maris. A ɗin amfani kuwa sun warwatsu, 160,000 da 304,000 da 234,000, jimla 698,000. Saye ɗaya ne ya haifi duka huɗun, amma rahoton ya ba wa mutum ɗaya daɗin a wata ɗaya ya raba wa wani mutum daban ɗacin a wata uku. Da a ce kilon da aka ci ake sawa a layin farashi, da Afrilu ya nuna 16 sau 11,020, wato 176,320 F a gefen 304,000 A, mai karatu ya ga su kafaɗa da kafaɗa ya yi tambaya.

Da na kai wannan lissafin wajen zaman washegari mai sayayya bai yi shiru ba, kuma abin da ya faɗa yana da ƙarfi. Ya ce, "Akanta, kana auna ni da 200, a ina ake sayar da roba 200 yanzu? Da ban sayi wannan ba 210 za mu biya. Ba 16 na rage muku ba, 26 ne." Ya ƙara da cewa rarar kilon da ake ta lissafawa a kan 200 ai a kan 184 aka saye ta, kilo 1,520 na Afrilu a aljihu 279,680 ne ba 304,000 ba. Duka biyun gaskiya ne. Ana ninka bambancin amfani da farashin ƙa'ida ne da gangan don kada motsin kasuwa ya shiga lambar sashen aiki, amma hakan na nufin lambar ba ita ce ainihin kuɗin da ya fita ba.

Sai muka ajiye ƙa'idar gefe muka yi tambaya ɗaya a kan gwajin: nawa robar bokiti ɗaya mai kyau ta tsaya? Tsohuwa, kilo 500 a kan 210 shi ne 105,000, raba da 990, ya ba da 106.1. Sabuwa, kilo 500 a kan 184 shi ne 92,000, raba da 865, ya ba da 106.4. Ɗakin ya ɗan yi tsit, don manajan aiki ya shigo da tsammanin za a ga asara mai yawa, mai sayayya kuma yana tsammanin riba, sai ga shi kusan kunnen doki. Rangwamen 26 ɗin gaba ɗaya ya narke cikin ƙarin nauyi da shara, bai bar komai ba, bai kuma ci wani abin kirki a sama ba. Abin da ya karya kunnen dokin ba ya cikin layukan roba kwata-kwata: injin yana ba da bokiti 58 a awa da tsohuwa, 54 da sabuwa, alhali wuta da albashi ba sa raguwa, ga kuɗin tan 30 da aka biya a dunƙule ya kwanta a sito, ga bokiti 600 da suka dawo da kwastoman da ransa ya ɓaci. Maigidan ya mayar wa mai sayayya takardar odar ba sa hannu.

Yuni da Yuli: abin da aka canza

Ragowar sabuwar robar aka riƙa cuɗa ta kaɗan-kaɗan, buhu ɗaya cikin biyar, har ta ƙare. Yuni ya fito da bokiti 19,800 da kilo 10,300, bambancin amfani 80,000 A, na farashi kuma 120,000 A don an sayo kilo 12,000 a kan 210. Wannan karon na raba wa maigidan 120,000 ɗin a rubuce cewa duka na tsufan ƙa'ida ne, kasuwa ce ta koma 210, ba ko sisi a ciki da za a ce mai sayayya ya biya fiye da yadda ake sayarwa. Daga ɗaya ga Yuli aka mayar da farashin ƙa'ida 210, nauyi kuma aka bar shi a giram 500 tunda gwaji ya nuna ana iya kaiwa kusa da shi. An biya ofaretoci alawus ɗin da aka riƙe, aka kuma kwance shi daga bambancin amfani.

A jikin rahoton na cire layin nan na uku daga saman shafi na mayar da shi can ƙasa, na ƙara gurbi da ke nuna robar wane dila aka ci a watan da bambancin farashinta a kan kilon da aka ci, kusa da bambancin amfani, da kuma kuɗin robar bokiti ɗaya mai kyau bayan an cire waɗanda aka dawo da su. An yarda duk layin da ya wuce kashi biyu cikin ɗari na kuɗin ƙa'ida sai an binciko dalilinsa, F ne ko A. Kowane kashin aiki yana auna bokiti goma ya rubuta a littafi, ƙarshen wata kuma ana ƙirga buhunan da ke gindin injin. Sabon dila ba a ƙi shi ba, sai dai ya fara kawo kilo 500 tukuna.

Yuli: bokiti 20,200, ya kamata a ci 10,100 aka ci 10,190, rara 90 sau 210, 18,900 A. Mai sayayya ya samu tsohon dilan ya sauko masa zuwa 208 bisa alkawarin ɗaukar kaya kowane wata, kilo 10,000, 20,000 F.

Yadda nake ganin abin

Ba lambar da ta yi ƙarya a rahotannin nan, in ka cire buhu shidan can, karatunsu ne ya karkace. An ɗauka kowane layi na mutum ɗaya ne, farashi na mai sayayya amfani na manajan aiki, alhali abin da aka sayo shi ke yanke yawan abin da za a ci. Tushen abin a ganina Fabrairu ne, ranar da aka ɗora wa mutum alhakin 100,000 da ta fito daga ƙa'idar da kasuwa ta riga ta wuce, ya tafi neman 200 a inda roba mai kyau ba ta sayuwa a haka. Ɗaure alawus da bambancin amfani shi ya fi komai ɓarna, don ya lalata ƙirgan da lambar kanta ke tsaye a kai har muka yi asarar wata guda muna zaton an samu sauƙi. Mai sayayya laifinsa rashin tambayar abin da ke cikin ƙwayar da ɗaukar tan 30 ba gwaji, amma bai jawo asarar da 698,000 ke nunawa ba, nesa ba kusa ba.

Nawa kason kuma na Maris ne. Bambancin amfani ya tashi daga 20,000 zuwa 160,000 a daidai watan da aka canza roba, ninki takwas, kuma rabin watan kawai aka yi da sabuwar. Na san 480,000 ɗin na kayan wata uku ne aka zuba a wata ɗaya, na kuma ji abin da manajan aiki ya faɗa da kunnena. Sikelin da ya warware maganar a Yuni yana nan cikin sito tun lokacin, da shi mai sito yake auna ragowar buhu, kuma ɗora bokiti goma a kai bai fi aikin minti biyar ba.